Bayan Ertugrul, Me Ya Kamata Mutum Ya Kalla?

Tambaya: Malam, barka da warhaka. Shekaranjiya na gama kallon Ertugrul, tun daga zangon farko har na biyar, kuma tun daga lokacin nake jin kamar an yi mini rasuwa a gida. Idan na dawo daga sallar isha'i sai in zauna in rasa abin yi. Na kunna finafinai biyu, ko minti goma ban yi ba na kashe. Kai da ka daɗe a harkar nan, me kake ganin ya kamata in kalla yanzu?

Amsa: Barka kadai, abokina. Na san kana jiran in ce maka ka wuce kai tsaye zuwa Usman, shirin da ya ɗora da labarin ɗan Ertugrul, domin shi ne abin da duk wanda ka tambaya zai faɗa maka, kuma shi ne abin da mai tura finafinai zai zuba maka a waya tun kafin ka rufe baki. Ni kuwa shawarata ita ce ka dakata da shi tukuna, ba domin ba shi da kyau ba, sai domin idan ka shiga shi a wannan makon za ka zalunce shi, kuma za ka zalunci kanka. Bari in fara da lissafin abin da ya same ka, domin daga nan ne sauran maganar za ta fito.

Shirin da ka gama, wanda sunansa na asali Diriliş: Ertuğrul, tashar gwamnatin Turkiyya ta TRT 1 ce ta nuna shi daga Disambar 2014 zuwa Mayun 2019. A can ƙasarsu kashi 150 ne, kuma kowane kashi yana kai wa awa biyu ko ya ɗan haura. Da aka tashi fitar da shi waje sai aka daddatsa kowane kashi zuwa gida uku ko kusa da haka, ya zama kashi 448 masu kimanin minti arba'in da biyar. Ko ta wace hanya ka bi, ka zauna da mutanen nan sama da awa ɗari uku. Idan awa biyu kake ba su kowane dare, to wata biyar ke nan cur kana shiga tantin Hayme Ana kana fita, kana jin ƙarar gatarin Turgut, kana dariyar Bamsi da cin abincinsa. Ka duba cikin danginka ka gaya mini mutum nawa ne ka zauna da su awa biyu kullum har wata biyar a jere. Su kuwa Turkawa sun sha wannan labarin ne a hankali, mako-mako, cikin shekara huɗu da rabi, da hutun damina a tsakani, saboda haka rabuwar ta zo musu da sauƙi. Kai a dunƙule ka haɗiye shi, shi ya sa gurbin da ya bari ya fi girma.

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da lura da wannan. Tun a 1956 wasu masu bincike biyu a Amurka, Donald Horton da Richard Wohl, suka yi bayanin irin shaƙuwar da mai kallo yake yi da wanda yake gani a talabijin, shaƙuwa ce ta ɓangare ɗaya: kai ka san shi ciki da bai, shi kuwa bai san da zamanka ba. Zuciya ba ta iya bambance wannan sabon da na gaske sosai, saboda haka idan shirin ya ƙare takan yi kewa irin wadda ake yi wa aboki da ya yi ƙaura zuwa wani gari. Abu ne da aka saba gani, kuma yawanci yakan lafa cikin kwanaki ko mako biyu. Idan kuwa ya wuce haka, har ya taɓa barcinka ko cin abincinka ko zuwa wurin sana'a, to ba Ertugrul ne ya jawo shi ba, shirin ya daɗe yana rufe wata damuwa ce da ta riga shi zuwa, kuma wannan magana ce ta zama da wani na kusa ko likita, ba ta neman sabon fim ba. Ban ga alamar haka a saƙonka ba, na faɗa ne kawai domin hakkin abota.

Finafinai biyun da ka kunna ka kashe ba lallai ne su zama marasa kyau ba. Abin da ya faru shi ne kana gwada minti goma na baƙin fuska da awa ɗari uku na sanayya, kuma babu shirin da zai ci wannan gasar. Ka tuna yadda kashin farko na Ertugrul ya kasance a wurinka: wasu mahaya huɗu a daji suna farauta, suka ci karo da fursunoni a hannun mayaƙa, suka cece su. A ranar ba ka san Dogan daga Turgut ba, kuma da wani ya kashe maka wayar a lokacin ba za ka ji zafi ba. Son ya ginu ne a hankali, kuma haka zai ginu a duk abin da za ka kalla nan gaba.

To me ya sa na ce ka jinkirta Usman? Kuruluş: Osman ya fara a Nuwambar 2019, wata shida kacal bayan ƙarewar na farko, kuma mutum ɗaya ne ya tsara su duka, wato Mehmet Bozdağ, sai dai wannan karon a tashar ATV mai zaman kanta. Tantunan su ne dai, tutar ƙabilar Kayi ita ce dai, garin Sogut shi ne dai. Wannan kamannin shi ne tarkon. Za ka shiga gidan da ka sani ka tarar masu gidan sun canza. Ertugrul ba ya nan a zangon farko, kuma idan ya bayyana a zango na biyu tsoho ne mai fama da jiki, kuma ba Engin Altan Düzyatan ne ya fito a matsayinsa ba, wani dattijon ɗan wasa ne mai suna Tamer Yiğit. Turgut ba ya cikin farkon labarin. Dundar, ƙanen nan da ka sani yana yaro mai gaggawa, ya zama dattijo mai hamayya da ɗan wansa. Bamsi da Selcan Hatun da Abdurrahman su ne suka dawo da fuskokinsu na da, kuma ganinsu da furfura yakan ƙara wa mai kewa kewa ne maimakon ya rage masa. Shi kansa Usman, wanda Burak Özçivit ya fito a matsayinsa, an gina shi ne a kan zafin kai da saurin yanke hukunci da ɗaga murya, alhali kai ka saba da mutumin da yakan yi shiru ya kalli abokin gaba har sai shi abokin gaban ya tsargu. Na ga mutane da yawa sun shiga Usman washegarin gama Ertugrul, suka yi kashi biyar suna cewa yaron nan ba shi da natsuwar ubansa, suka watsar. Waɗanda suka bari wata ɗaya ko biyu ya wuce kuwa sukan karɓe shi a matsayinsa na wani mutum dabam mai nasa labarin, su ji daɗinsa. Shiri ɗaya ne, lokacin shigarsa ne ya bambanta.

Abin da nake so ka yi kafin ka zaɓi komai shi ne ka tambayi kanka wane wuri ne a cikin Ertugrul ba ka taɓa turawa gaba ba, kuma wane wuri ne kakan mayar baya ka sake kallo. Mutane suna cewa suna son shirin kamar abu guda ne, alhali shirye-shirye uku ne aka saƙa wuri ɗaya. Akwai na takobi da doki da amanar abokai. Akwai na makircin fada, inda Sadettin Kopek yake murmushi a gaban Sarki Ala'uddin yana haƙa masa rami ta baya. Akwai kuma na natsuwar zuciya, inda komai yakan tsaya cik, Ibnul Arabi ya zauna ya ba da ƙissar wani Annabi, jarumin da aka ɗaure ko aka ci amanarsa ya samu abin riƙewa. Kowane mai kallo yana da wanda ya fi kama shi, kuma mafi yawan kuskuren zaɓe yana zuwa ne daga bai wa mai son na uku shirin da ke cike da na farko.

Kai na san ka. Na tuna daren da ka kira ni bayan rasuwar Halima matar Ertugrul, ba maganar yaƙi ka yi mini ba, maganar yadda mutumin ya ɗauki jaririn ya yi haƙuri ka yi ta nanatawa. Saboda haka abin da zan ba ka shi ne Yunus Emre, wanda cikakken sunansa idan za ka nema shi ne Yunus Emre: Aşkın Yolculuğu. TRT 1 ce ta nuna shi a 2015 da 2016, zango biyu ne, kashi arba'in da 'yan kai, kuma Bozdağ ɗin nan ne ya shirya shi a daidai lokacin da ake tsakiyar yin Ertugrul. Ƙasar ɗaya ce, wato Anadolu, ƙarnin ma ɗaya ne, na goma sha uku, lokacin da daular Saljuƙawa take rawa a ƙarƙashin matsin Mongol. Tufafi da kasuwa da yanayin magana duk za su yi maka kama da gida, amma babu wanda zai tsaya a gurbin Ertugrul balle ka gwada su, kuma wannan shi ne babban dalilin da ya sa na zaɓe shi.

Yunus Emre mutum ne na tarihi, mawaƙin sufaye da ya rayu daga wajen 1240 zuwa wajen 1320, kuma har gobe Turkawa suna haddace baitocinsa domin ya yi su ne da harshen talakawa a zamanin da malamai suke rubutu da Farisanci da Larabci. Shirin ya ɗauke shi a matsayin matashin da ya gama karatu a madarasa, aka naɗa shi alƙalin garin Nallihan, ya taho yana ji da iliminsa. A hanya ya haɗu da wani tsoho mai raunin gani, ya raina shi, bai san shi ne Taptuk Emre, shehin garin da zai je ba. Daga baya ya yanke hukunci a wata shari'a yana da tabbacin ya yi daidai, gaskiya ta fito ta nuna ya yi kuskure, wannan ya girgiza shi har ya ajiye alƙalanci ya je ya durƙusa gaban tsohon nan yana neman a karɓe shi almajiri. Darasin farko da aka ba shi shi ne duk abin da aka tambaye shi ya amsa da cewa bai sani ba. Ka yi tunanin mutumin da garin duka ya sani da fatawa, yau yaro ya tambaye shi abu mai sauƙi ya ce bai sani ba, mutane suna kallonsa suna zaton ya taɓu. Daga nan aka ba shi shara, aka ba shi ɗebo itace a daji. Yaƙin da ke cikin shirin duka da girman kai ake yin sa, kuma ni a ganina ya fi yaƙin Noyan, kwamandan Mongol, wuya.

Sai dai in gaya maka gaskiya kan abu biyu. Na farko, shirin yana tafiya a hankali ƙwarai. Za a iya cinye kashi guda ana zance tsakanin shehi da almajiri a ɗaki ɗaya, kuma wanda ya zo neman ƙarar takubba barci zai ɗauke shi. Na biyu, labari ne na ɗariƙa tsantsa, da zikiri da mubaya'a da ladabin murid ga shehinsa. Na san a cikin abokanmu akwai waɗanda wannan zai yi musu daɗi har su zubar da hawaye, akwai kuma waɗanda fahimtarsu ta addini ba za ta bar su su zauna da shi ba. Kai ka san inda kake tsaye. Idan ka iya zama da wuraren Ibnul Arabi a Ertugrul ba tare da ƙyashi ba, to wannan ma za ka iya.

Idan kuwa na yi kuskuren karanta ka, ashe makircin fada ne ya fi riƙe ka, to ka nemi Uyanış: Büyük Selçuklu, wanda aka nuna daga 2020 zuwa 2021, kashi 34 a lissafin Turkiyya. Ya koma baya da kusan shekara ɗari da hamsin, zuwa zamanin Sarki Malikshah wanda ya yi mulki daga 1072 zuwa 1092, da wazirinsa Nizamul Mulk wanda ya kafa makarantun Nizamiyya, da Hasan Sabbah shugaban 'yan Baɗiniyya masu kisan gilla. Imam Gazali da Umar Khayyam ma suna ciki. Amfaninsa a wurinka shi ne zango ɗaya ne tak, yana da farko yana da ƙarshe, ba zai ci maka wata biyar ba. Wanda ya fi shi zurfi a siyasa shi ne Payitaht: Abdülhamid, labarin Sarki Abdulhamid na Biyu wanda ya mulki daular Usmaniyya daga 1876 zuwa 1909, amma shi kashi 154 ne, tsawonsa ɗaya da abin da ka fito daga ciki, kuma zance da takardu da 'yan leƙen asiri sun fi yawa a cikinsa. Ka ajiye shi sai ka warke. Shi kuwa Barbaroslar, wanda mutane suke rugawa gare shi domin Engin Altan ne a ciki, ban cika ba da shawararsa ga mai irin halinka ba, domin fuskar Ertugrul za ka riƙa gani a jikin wani matuƙin jirgin ruwa, zuciyarka tana jiran ya yi abin da ba zai yi ba.

Akwai wani gargaɗi da ya wajaba in yi maka tunda kai mai iyali ne kuma a falo kuke kallo. Idan ka ce wa mai tura finafinai ya ba ka na tarihin Turkiyya, akwai yiwuwar ya haɗa maka da Muhteşem Yüzyıl, na zamanin Sarki Sulaiman. Daular ɗaya ce, amma shi labarin cikin gidan sarki ne, kishi da ƙwaraƙwarai da shigar da ba za ka so yara su gani ba, har a Turkiyya ma ya sha suka a kan haka. Kada sunan Usmaniyya ya ruɗe ka.

Game da yadda za ka gwada sabon shiri, ka lura da lissafin kashi, domin a nan ake yawan ruɗewa. Idan wani ya ce maka ka ba shiri kashi uku kafin ka yanke hukunci, ka tambaye shi kashi uku na wane lissafi. Uku na Turkiyya awa shida ne ko fiye, uku na waɗanda aka daddatsa kuwa kashin farko ne kawai ka gama, wanda duk gabatar da sunaye ne. Ni ma'aunina awa huɗu zuwa biyar ne, a cikin dare biyu ko uku, ba a zama ɗaya ba. Alamar da nake dubawa kuma ba daɗin da na ji lokacin kallo ba ce, ita ce ko wani daga cikin mutanen shirin ya faɗo mini a rai da rana ina tsakiyar aiki. Idan hakan ta faru, shirin ya kama. Idan dare na uku ya wuce ban tuna kowa ba, sai in bar shi ba tare da jin na yi asara ba. Haka kuma ka duba fassarar kafin ka karɓi zango guda cur. Fassarar Hausa ba ɗaya ba ce: akwai masu bin maganar da aka yi, akwai masu cusa barkwancinsu a inda ake kuka, akwai kuma inda sautin yake riga bakin mai magana. A shirin takobi ana iya jure wannan, amma a shiri irin Yunus Emre, wanda duk nauyinsa a kan magana yake, mummunar fassara takan kashe shi gaba ɗaya. Ka karɓi kashi biyu ka saurara tukuna, idan ba ta yi ba ka nemi mai rubutun fassara a ƙasa.

Wani abin da yakan rage kewa, wanda mutane ba su cika zato ba, shi ne sanin inda tarihi ya tsaya da inda marubuci ya ɗora. Abin da aka tabbatar game da Ertugrul na gaskiya kaɗan ne ƙwarai: shi ne mahaifin Usman, kamar yadda wani tsabar kuɗi da aka buga da sunan Usman ya nuna, ya zauna a yankin Sogut, ya rasu wajen 1281, kuma kabarinsa yana can ana ziyarta. Sadettin Kopek mutum ne na gaske, Sarki Ala'uddin Kaikubad ya rasu a 1237, Mongol sun karya Saljuƙawa a yaƙin Kosedag a 1243 ƙarƙashin Baiju Noyan, Ibnul Arabi kuma ya rasu a Dimashƙa a 1240. Amma haɗuwar Ibnul Arabi da Ertugrul, da yawancin abin da ya gudana a cikin tantuna, aikin alƙalamin marubuci ne. Ban faɗi haka domin in rage maka daɗin abin da ka kalla ba. Na lura ne cewa wanda ya ɗauki dare biyu ko uku yana karanta tarihin Saljuƙawa da farkon Usmaniyya yakan samu kansa yana cikin duniyar nan har yanzu, amma da ƙafarsa yake tafiya, ba jan sa ake yi ba, kuma idan ya zo kallon Usman daga baya yakan fi gane dalilin rigimarsa da sarakunan Rumawa na garuruwan da ke kewaye da shi.

Saboda haka ga yadda zan tsara maka. Daren yau da na gobe da na jibi kada ka kunna komai. Awa biyun nan na bayan isha'i ka fita majalisa, ko ka je gaishe da Hajiya, domin rabin abin da kake ji ba kewar Ertugrul ba ce, kewar abin yi ce a wannan lokacin. Kada kuma ka koma kallon guntayen wuraren da suka fi burge ka a waya, domin wannan fama miki ne. Ranar Juma'a ka fara Yunus Emre, kashi ɗaya a dare, kada ka ƙara ko da ya yi daɗi, wanda zai kai ka wajen wata ɗaya da rabi. Idan ka gama sai ka shiga Usman, a lokacin fuskar Burak Özçivit ba za ta yi maka kama da ta mai ƙwacen gado ba. Zangon farko na Yunus yana nan a wurina da fassara mai kyau, ka biyo ta shago bayan la'asar da katin wayarka in zuba maka, ka gaida mutanen gida.